Juya jadawali: me ke canzawa idan layin kwance ya miƙe tsaye?

Idan aka ɗauki jadawalin lissafi aka juya shi, abin da ke kwance ya miƙe tsaye, abin da ke tsaye ya kwanta, shin an taɓa lissafin ko ba a taɓa ba? Wannan tambaya takan taso a Gombe duk lokacin da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na manoma suka zo rufe lissafin kaka, haka ma a ƙarshen zangon karatu idan malamai suna haɗa sakamakon jarrabawa. Sakatare ya karanta jadawali a wurin taro da watanni jere a sama, washegari ya tura shi a WhatsApp da watanni jere a gefen hagu, sai ka ji wani dattijo ya ce, "Malam sakatare, ai ba wannan ka nuna mana jiya ba." Daga nan zargi ya shigo, alhali ko buhu ɗaya bai motsa ba.

A wani gefen kuma akwai masu ganin juyin ba shi da wani haɗari, danna maɓalli ne kawai. Su ma ba su gama fahimtar abin ba, domin akwai hanyoyin da kwamfuta ke shigar da kuskure a lokacin juyi ba tare da ta ce uffan ba. Don haka abu biyu ne ya kamata a rarrabe: yaushe juyi ke sa jadawali ya fi karantuwa, kuma ta yaya za a tabbatar bai ɓata komai ba.

## Abin da juyi yake nufi

Kowane jadawali yana da layukan kwance, masu tafiya daga hagu zuwa dama, da layukan tsaye, masu gangarowa daga sama zuwa ƙasa. Inda layin kwance ya haɗu da na tsaye shi ne gida, kuma a gida ake rubuta adadi. A manhajoji irin su Excel da Google Sheets, layukan tsaye suna da haruffa, A, B, C, layukan kwance kuma suna da lamba, 1, 2, 3. Gidan da ake kira E2 shi ne mahaɗar layin tsaye na biyar da layin kwance na biyu.

Juyi shi ne musayar waɗannan matsayi biyu. Abin da ke layin kwance na biyu, layin tsaye na biyar, zai koma layin kwance na biyar, layin tsaye na biyu, wato E2 ya zama B5. A kan allon kwamfuta sunan wannan aiki Transpose. Yana da kyau a lura cewa ya bambanta da karkata takarda gefe. Ya fi kama da yadda mace ke ninke kallabi daga kusurwa zuwa kusurwa: abin da ke kan layin ninkin yana nan inda yake, kusurwar dama ta sama kuma ta sauko ta haɗu da kusurwar hagu ta ƙasa. Shi ya sa gidan A1 ba ya motsi, haka B2 da C3.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wata ƙungiyar masu hatsi a Tudun Hatsi tana rubuta yawan buhunan da ta sayar daga Oktoba zuwa Maris. Alƙaluman na misali ne, na tsara su don bayani.

| Hatsi | Oktoba | Nuwamba | Disamba | Janairu | Fabrairu | Maris |
|---|---:|---:|---:|---:|---:|---:|
| Masara | 120 | 340 | 410 | 385 | 260 | 95 |
| Dawa | 40 | 85 | 230 | 310 | 295 | 180 |
| Gero | 210 | 190 | 150 | 105 | 90 | 70 |
| Wake | | 160 | 275 | 240 | 130 | 60 |

Layin kwance 5 ne, layin tsaye 7, gida 35 ke nan idan an haɗa da kanun. Gidan wake na Oktoba babu komai a ciki saboda ƙungiyar ba ta fara harkar wake ba sai Nuwamba. A riƙe wannan gida a zuciya, za mu dawo kansa. Ga jadawalin bayan an juya shi:

| Hatsi | Masara | Dawa | Gero | Wake |
|---|---:|---:|---:|---:|
| Oktoba | 120 | 40 | 210 | |
| Nuwamba | 340 | 85 | 190 | 160 |
| Disamba | 410 | 230 | 150 | 275 |
| Janairu | 385 | 310 | 105 | 240 |
| Fabrairu | 260 | 295 | 90 | 130 |
| Maris | 95 | 180 | 70 | 60 |

Yanzu layin kwance 7 ne, na tsaye 5, gida dai 35. Masarar Janairu 385 ce a can, 385 ce a nan. Jimillar buhuna 4,430 ce ta kowace fuska. Abu ɗaya ƙarami ya karkace: kalmar "Hatsi" da ke kusurwa, wadda a da take kanun sunayen hatsi, yanzu tana zaune a kan sunayen watanni. Sai a gyara ta da hannu ta koma "Wata". Mutane da yawa suna mantawa da wannan, kuma shi ne abu na farko da mai neman kuskure zai hango.

## Me ya sa ido ya fi son gangarowa

Nan ne gundarin maganar. Ka tuna yadda aka koya mana tarawa a firamare: ana jera lambobi ɗaya ƙarƙashin ɗaya, gidan ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin ɗaya-ɗaya, na goma-goma a ƙarƙashin goma-goma, na ɗari a ƙarƙashin ɗari. Da irin wannan jeri, ido ba ya buƙatar karanta kowace lamba kafin ya gane wadda ta fi girma. Tsawonta kawai ya isa, sannan lambar farko. Idan kuwa lambobin suna kwance a jere, sai ido ya yi tsalle daga gida zuwa gida, ya riƙe 340 a ka, ya tsallaka ya duba 410, ya sake dawowa.

Gwada da kanka. Idan tambayar ita ce wane hatsi ya fi fita a Disamba, jadawali na farko ya fi sauƙi, domin 410, 230, 150 da 275 suna tsaye a layi ɗaya, kana kallo ka ga masara ce gaba, wake na biye da ita. Idan kuma tambayar ita ce yaya cinikin gero ya kasance cikin wata shida, jadawali na biyu ne mai amsa ta nan take: 210, 190, 150, 105, 90, 70, kana gangarowa kana ganin yadda yake raguwa wata bayan wata, har ka ga daidai inda ya faɗo ƙasa da ɗari, domin a nan lambar ta gajarce. Haka za ka ga dawa tana hawa a hankali har ta kai ƙololuwa a Janairu, wata guda bayan masara ta kai nata. Wannan bayani yana cikin jadawali na farko ma, amma sai ka neme shi.

Saboda haka kafin ka juya jadawali, tambayi kanka abin da masu karatu za su kwatanta. Abubuwan da ake son a kwatanta da juna su ne ya kamata su tsaya ɗaya ƙarƙashin ɗaya. A ganina wannan ita ce ƙa'ida mafi ƙarfi a duk maganar, sauran dalilai suna biye da ita ne. Tana da sharaɗi guda: lambobin su jingina da gefen dama na gidajensu. Masu buga takardu da yawa suna son saka lambobi a tsakiyar gida don ya yi kyan gani, sai 95 ta zauna a tsakiyar 260, gidan goma ya bar ƙarƙashin gidan goma, amfanin jerin ya tafi.

Dalili na biyu shi ne faɗin abin da ake karatu a kai. Yawancin 'yan ƙungiya a waya suke duba lissafi, waya kuma doguwa ce siririya. Gangarawa ƙasa da yatsa ba ta da wahala, amma da zarar ka ja jadawali gefe, sunayen da ke hagu sun ɓace, ka ga 240 ba ka san ko ta wake ce ko ta gero ba. Takardar A4 ma haka take, faɗinta milimita 210, tsawonta 297. Jadawali mai wata shida zai iya shiga da ƙyar. Mai wata goma sha biyu kuwa sai an matse rubutu har dattawa su kasa gani, ko kuma injin buga takarda ya yanke shi gida biyu, rabin shekara a shafi ɗaya, sauran rabin a wani shafi babu sunan hatsi a gefensa.

Dalili na uku tsawon sunaye ne. Jihar Gombe tana da ƙananan hukumomi 11: Akko, Balanga, Billiri, Dukku, Funakaye, Gombe, Kaltungo, Kwami, Nafada, Shongom da Yamaltu/Deba. Idan ma'aikaci ya jera su a sama yana son nuna abu uku kacal game da kowace, misali yawan manoma, yawan buhunan taki da yawan iri, zai samu jadawali mai faɗin layi 12 da tsawon layi 4. Kowane layin tsaye sai ya yi faɗin da zai ɗauki suna kamar Yamaltu/Deba, ko da adadin da ke ƙarƙashinsa lamba uku ce. Wasu sai su karkatar da sunayen su tsaya a kaikaice, mai karatu ya riƙa karkata wuya. Juya shi, sai sunayen su jeru a hagu a layi ɗaya mai faɗi, alƙaluman su zauna a layuka uku siririya, ya shiga waya ba tare da an ja gefe ba. A Bauchi, mai ƙananan hukumomi 20, maganar ta fi ƙarfi.

## Masu cewa a bar shi a kwance

Suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Ido ya saba ganin lokaci yana tafiya daga hagu zuwa dama. Kalanda haka take jera kwanakin mako, rajistar makaranta haka take jera ranakun halarta, rahoton kuɗi na kamfanoni ma yakan ajiye bana kusa da bara a layukan tsaye biyu. Ma'ajin da ya shekara yana rubuta littafinsa a haka, idan aka juya masa, sai ya ɗauki lokaci kafin ya gane inda abubuwa suke, kuma a wannan lokacin ne yake yin kuskure. Idan watannin ba su wuce uku ko huɗu ba, ban ga dalilin tayar masa da hankali ba.

Akwai kuma yanayin da ya fi dacewa a jera abubuwan a sama. Manomin rani a Dadin Kowa yana son ya zaɓi ɗaya cikin injinan ban ruwa biyu. Abin dubawa ya kai goma: farashi, faɗin bakin bututu, man da yake sha, nauyi, samuwar kayan gyara da sauransu. A nan injin biyu su zauna a sama kafaɗa da kafaɗa, abubuwan dubawa su gangaro a hagu. Lambobin da ke layin tsaye ɗaya ba iri ɗaya ba ne, wannan naira, wannan lita, wannan kilo, don haka babu mai kwatanta su da juna. Kwatancen tsakanin gida biyu ne maƙwabta, ido ba ya wahala. Da zarar injinan sun kai goma sha biyar kuwa, sai a juya, kowane inji ya samu layinsa na kwance, farashi duka su tsaya a layi ɗaya.

Inda ban yarda da masu kwantarwa ba shi ne a kan babban jadawalin da ake ci gaba da zuba bayanai a ciki. Wannan ya kamata ya riƙa tsawo zuwa ƙasa. Dalilin yana cikin ginin manhajar kanta. Maɓallin Filter yana tace layukan kwance ne bisa abin da ke cikin wani layin tsaye, ba ya yin akasin haka. Sort ma daga sama zuwa ƙasa yake jerawa, sai in ka shiga Options ka zaɓi Sort left to right. Malamin da ya jera ɗalibai 45 a sama, darussa a hagu, ya ɗaure kansa, domin ba zai iya tace waɗanda suka faɗi lissafi da dannawa ɗaya ba. Ɗalibai a ƙasa, darussa a sama, shi ne zaman babbar takardar sakamako. Sai a katin ɗalibi ɗaya ne darussa ke gangarowa, kuma wannan katin juyin layi ɗaya ne daga babbar takardar.

## Hanyoyi biyu na juyawa

Har yanzu akwai masu kai jadawali shagon kwamfuta a sake buga shi gida-gida da hannu don kawai a juya shi. Wannan asarar kuɗi ce, kuma ita ce hanyar da ta fi kowace shigo da kuskure, domin 385 na iya komawa 358 ba wanda ya lura.

Hanya ta farko a Excel ita ce ta kwafa da liƙawa. Ka zaɓi jadawalin duka har da kanun, daga A1 zuwa G5 a misalinmu, ka danna Ctrl+C. Sai ka je wurin da babu komai, zai fi kyau sabon shafi, ka danna gida ɗaya da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Paste Special, ka sa alama a Transpose, ka danna OK. A Google Sheets kuma Edit, sai Paste special, sai Transposed. Abu biyu kan hana wannan aiki. Idan ka yanke da Ctrl+X a maimakon kwafa, Excel ba zai ba ka damar juyi ba. Idan kuma wurin da za ka liƙa ya hau kan jadawalin da ka kwafo, zai ƙi.

Abin da wannan hanya ke bayarwa kwafi ne mai zaman kansa. Launi da kaurin rubutu sukan biyo shi, amma ba shi da sauran alaƙa da na asali. Idan gobe ma'aji ya gano cewa dawar Maris 185 ce ba 180 ba, ya gyara a na asali, juyayyen yana nan da 180. Daga nan ne ake samun takardu biyu masu karo da juna a hannun 'yan ƙungiya, kuma a lokacin zargin dattijon nan ya samu ƙafar tsayawa.

Hanya ta biyu ita ce ta dabarar lissafi. Idan jadawalin asali yana shafin da ake kira Sheet1, a gidan A1 na sabon shafi sai ka rubuta:

```
=TRANSPOSE(Sheet1!A1:G5)
```

Wannan jadawali a raye yake. Duk abin da aka gyara a na asali zai bayyana a nan take. A Google Sheets, da Excel 2021, da na Microsoft 365, kana danna Enter zai bazu da kansa ya cika gidajen da yake buƙata. Idan akwai wani rubutu a hanyarsa, ko da ɗigo ne, Excel zai nuna #SPILL!, Google Sheets kuma #REF!, maganin shi ne share abin da ya tare wurin. Wannan hanya tana aiki a waya ma, tunda rubutu ne kawai.

Tsofaffin Excel, daga na 2019 zuwa baya, waɗanda har yanzu su ne a kwamfutocin ofisoshi da makarantu da yawa, suna da nasu tsari. Dole ka fara zaɓar wurin da girmansa ya yi daidai da juyayyen jadawali, layin kwance 7 da na tsaye 5, wato A1 zuwa E7, sannan ka rubuta dabarar, ka danna Ctrl+Shift+Enter tare. Idan ka zaɓi wurin da ya yi yawa, gidajen da suka yi saura za su nuna #N/A, wannan da sauƙi domin kana gani. Haɗarin yana wurin zaɓar wurin da ya gaza. Ka zaɓi layi 6 a maimakon 7, watan Maris ya ɓace gaba ɗaya, buhu 405 sun fita daga lissafi, kuma babu wani gargaɗi da zai fito.

Wacce za a bi? Idan an rufe lissafi, an sa hannu, ana son kwafin da za a buga a raba, hanya ta farko ta isa. Idan ana ci gaba da zuba alƙaluma, ta biyu ce, da sanin cewa gyara a na asali ake yi, juyayyen na kallo ne kawai.

## Inda ake yin ɓarna, da yadda ake gane ta

Mu koma gidan wake na Oktoba. A Excel, dabarar TRANSPOSE tana mayar da gidan da babu komai ya zama 0. Wani zai ce ai duk ɗaya ne, babu da sifili. Ba ɗaya ba ne. Gida fanko yana cewa ba a fara harkar ba, 0 kuma yana cewa an kasa wake wata guda babu wanda ya saya. Bambancin yana fitowa a lissafi. Jimillar wake buhu 865 ce. AVERAGE, dabarar fitar da matsakaici, yana tsallake gida fanko, don haka zai raba 865 gida biyar ya ba ka 173 a wata. Da zarar 0 ya shiga, zai raba gida shida ya ba ka kusan 144. Wake ya koma kamar ba ya ciniki, kuma ƙungiya tana iya rage kuɗin da za ta zuba a kansa baɗi saboda sifilin da ba wanda ya rubuta. A makaranta abin ya fi ciwo: yaron da bai zauna jarrabawa ba saboda rashin lafiya sai ya bayyana a matsayin wanda ya ci sifili.

Maganin shi ne a gaya wa dabarar ta bar fanko a fanko:

```
=TRANSPOSE(IF(Sheet1!A1:G5="","",Sheet1!A1:G5))
```

Abin da ya sa wannan kuskure ke wucewa shi ne yawancin mutane jimilla kawai suke dubawa. Jimilla kuwa ba za ta tona shi ba, 4,430 ce da sifilin, 4,430 ce babu shi. Don haka bincike biyu ake yi bayan kowane juyi, a tara, kuma a ƙirga:

```
=SUM(B2:E7)
=COUNT(B2:E7)
```

A jadawalin asali, inda alƙaluman suke daga B2 zuwa G5, COUNT zai ba da 23, domin gida 24 ne na alƙaluma, ɗaya fanko. Idan a juyayyen ka ga 24, sifili ya shigo. Idan jimilla ta fito 4,025 a maimakon 4,430, watan Maris ne ya yanke. Wannan bincike ba ya cin minti ɗaya, kuma shi ne amsar da sakatare zai ba duk mai zargi: ga jimilla can, ga ta nan, ga yawan gidaje can, ga shi nan.

Kwanan wata ma yana ruɗa mutane. Idan kanun watannin ainihin kwanan wata ne aka shigar, TRANSPOSE zai ɗauko adadin ya bar kamannin. Sai ka ga 45566 a inda kake jiran Oktoba 2024, da 45658 a wurin Janairu 2025. Ba lalacewa ya yi ba. Excel yana ajiye kwanan wata ne a matsayin ƙirgen kwanaki daga farkon shekarar 1900, kuma 45658 shi ne 1 ga Janairu 2025. Zaɓi gidajen, shiga Format Cells, ka mayar da su Date.

Sai gidajen da aka haɗe. Masu son kwalliya sukan haɗe gida uku su rubuta 2024 a kan Oktoba zuwa Disamba, su haɗe wasu uku su rubuta 2025. A wurin kwamfuta, shekarar tana gidan farko ne kawai, sauran biyun fanko ne. Bayan juyi da dabara sai ka ga 2024, 0, 0, 2025, 0, 0. Kafin juyi a warware haɗin, a rubuta shekarar a kan kowane wata.

Na ƙarshe shi ne gidajen da ke ɗauke da lissafi. Idan a ƙarshen kowane layi akwai jimilla, kuma ka kwafo ta tare da alƙaluman da take tarawa, Excel zai juya ta daidai. Amma lissafin da ke leƙa wani gida a wajen abin da ka kwafo, misali gidan da aka ajiye farashin buhu, yana iya komawa yana leƙen gida fanko, ko ya nuna #REF!. Na biyun ka gan shi, na farkon kuwa sai dai ka ga kuɗi sun zama sifili ko sun yi wani iri. Idan kwafin karatu kake so, a cikin Paste Special ka zaɓi Values tare da Transpose, alƙaluma tsantsa za su zo.

## Mayar da shi yadda yake

A ƙa'ida, juyi biyu yana dawo da jadawali mazauninsa: B5 ya koma E2. A aikace kuwa abin da ya zube a hanya ba ya dawowa. Sifilin da ya shiga gidan wake yana nan sifili. Lissafin da aka mayar alƙaluma tsantsa ba zai sake zama lissafi ba. Faɗin layukan tsaye ma sai an sake gyarawa. Shi ya sa ba a goge na asali don an samu juyayye. A bar shi a shafinsa, juyayyen ya zauna a shafi na biyu, idan ana son tsohuwar fuska sai a koma shafi na farko kawai.

## Abin da juyi ba zai yi ba

Wani lokaci matsalar jadawali ta wuce ta fuska. A ce ƙungiyar nan tana da littafin ciniki na yau da kullum, kowane ciniki da layinsa: kwanan wata, irin hatsi, yawan buhu. Shugaba ya ce wa sakatare, "Ina son in ga kowane hatsi da abin da aka sayar a kowane wata." Sakatare ya juya littafin, sai ya samu layi uku masu tsawon gaske zuwa dama, babu abin da ya taru. Aikin da ake buƙata a nan tarawa ce bisa rukuni, kuma PivotTable ne ke yin sa: a ja hatsi zuwa Rows, wata zuwa Columns, buhu zuwa Values. Daɗin wannan shi ne juyin ya zama kyauta, domin kana musanya abin da ke Rows da abin da ke Columns jadawalin ya juya da kansa, jimilla ta biyo shi.

Akasin haka ma yana faruwa. Wata hukuma ko ƙungiyar tallafi ta aiko da fom tana son bayanai a layukan tsaye uku, hatsi, wata, buhu, kowane adadi da layinsa. Ko sau nawa ka juya jadawalinmu ba zai zama haka ba, zai riƙa kai da komo ne tsakanin 5 da 7. Abin da ake so a warware shi ya zama layi 23, wato masara Oktoba 120, masara Nuwamba 340, har zuwa wake Maris 60. A Excel wannan yana cikin sashen sarrafa bayanai da ake kira Power Query, sunansa Unpivot Columns, kuma yana tsallake gidan fanko da kansa.

Akwai kuma iyakar da ba ta ƙetaruwa. Shafin Excel yana ɗaukar layin kwance 1,048,576, amma layin tsaye 16,384 kacal, na ƙarshensu shi ne XFD. Rajistar manoma mai suna dubu ashirin ba za ta juyu ba ko kaɗan, domin babu isassun layukan tsaye da za su ɗauke ta. Irin wannan rajista a tsaye take zama, abin da ake juyawa shi ne taƙaitaccen jadawalin da aka fitar daga cikinta, kamar jimillar kowace ƙaramar hukuma a kowane wata.